Saƙon "Allah Ya Sa Lafiya" a Ƙauyukan Jazira

A ƙauyukan Hausawa da ke kewaye da Wad Madani, har zuwa Mai Wurno ta kusa da Sinnar, idan aka sa rana da mutum bai zo ba, ba a aika masa a ranar. An share rumfa, an shimfiɗa tabarmi, an dafa gahawa ta jabana har ta huce, rana ta faɗi ba kowa. Maigida zai ce a raba abincin ga maƙwabta, kuma ba ya yarda a yi maganar a gaban yara. Sai an kwana, zuciya ta sauka, sannan a nemi wanda za a aika.

Dalilin wannan haƙuri yana cikin ƙasar kanta. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka fara noman auduga na Jazira, ruwa ne ke tsara wa manomi lokacinsa. Ranar da aka sako ruwa a Abu Ishirin ya iso hawasharsa, ba ya motsawa ko da ɗaurin auren ɗan'uwansa ne, domin in ya wuce sai wani zagayen. Da damina kuma baƙar laka takan riƙe mota kwana biyu a hanyar da ba ta fi tafiyar sa'a guda ba. Wanda ya tashi a nan ya san rashin zuwa ba lallai ne raini ba, don haka uzuri ake fara nema wa mutum kafin a nemi laifinsa.

Inda abin ya fi nauyi shi ne neman aure. A ce dangin saurayi sun yi alkawarin zuwa gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar, ba su zo ba, ba su aiko ba. Uban yarinya ba ya aikawa da kansa. Ƙaninsa ko wani dattijon maƙwabci ne zai je, ko ya ba da saƙo, ga waliyyin yaron. Maganar ba ta da tsawo: "Malam, Alhaji yana gaishe ku. Jiya mun zauna muna duban hanya, Allah ya sa lafiya. In maganar tana nan, ku duba ranar da ta yi muku ku sanar da mu. In kuma wani abu ya taso, zumunci yana nan yadda yake."

Ba a ambaton ragon da aka yanka, ba a lissafa dattawan da suka bar aikinsu suka zo. Wanda ya ambata ya mai da saƙon takardar bashi. Ba a kuma yanka wa waɗanda suka saɓa sabuwar rana, su za su faɗa, domin a bakinsu ake gane niyya. Jimlar ƙarshe ita ce ta fi burge ni. Ƙofa ce aka buɗe wa mutum ya fita ba tare da an kunyata shi ba, alhali gobe za a haɗu a kasuwa da masallaci.

Tsofaffi ba su taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Wasu mata kan ce gidan yarinya ya fara aikawa zubar da daraja ne, kamar ana tallar ta, a bari masu nema su zo da kunyarsu. Wasu kuma suna cewa shiru ne ke haifar da zargi, kuma mai yiwuwa rasuwa aka yi can ba a ji ba, in ka yi fushi ka ƙi tambaya kai ne da abin kunya. Ni ina tare da na biyun, muddin saƙon bai wuce ɗaya ba.

Amsa ma akwai yadda ake karanta ta. In an faɗi rana, ko aka ce bayan an gama tsinkar auduga, ko bayan Babbar Salla, magana tana raye, kuma galibi masu nema sukan zo da sukari da gahawa fiye da yadda aka saba. In aka ce "za mu yi shawara" ba wani lokaci a haɗe, an fara ja da baya. In mako ya zagayo ba amsa, ba a sake aikawa, yarinya kuma ba ta da igiyar kowa a kanta.

A da ɗan saƙo kan hau jaki, ko a rubuta da ajami a ba direban lori. Yanzu samari suna buga waya tun ba a ɗauke tabarmi ba, da zafin rai a murya, kuma na ga maganar aure ta mutu a kan haka. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023, wanda ya kai ga faɗuwar Madani a Disambar shekarar, ya watsa iyalai zuwa Gadarif da wasu garuruwa, waya kuma ta riƙa ɗaukewa na kwanaki. Alkawura da yawa sun saɓa ba da son kowa ba, kuma mutanen da suka koma gida bayan Janairun 2025 da wannan tsohon saƙon suka riƙa nemo junansu.