Ƙwayoyin Hanji, Antibayotik da Gudawa: Abin da Aka Tabbatar da Abin da Ake Hasashe

A garuruwan da ke shan ruwan madatsar Tiga, irin su Kura da Bunkure da Kadawa, ruwan kanal da ake shayar da shinkafa da alkama da tumatir shi ne kuma wanda yara ke wanka a ciki, a wanke kayan lambu da shi, wani lokaci har lebura ya kurɓa idan ƙishi ya matsa masa a gona. Saboda haka gudawa ba baƙuwa ba ce a yankin, kuma abin da aka saba yi idan ta zo shi ne a garzaya kemis a sayo filajil ko sifro ko kafson nan da ake kira ja da yalo, a sha na kwana ɗaya ko biyu a ajiye. Waɗannan duka antibayotik ne, wato magungunan da ke kashe bakteriya ko su hana ta hayayyafa, kuma ba sa bambanta mai cutarwa da mai amfani.

A cikin hanjin kowane mutum, musamman babban hanji, akwai tarin ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda mafi yawansu bakteriya ne. Wani ƙiyasi na shekarar 2016 ya nuna cewa baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38 daga cikinsu, amma nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Aikinsu da aka fi tabbatarwa shi ne sarrafa ɓangaren abinci da ciki ba ya iya narkarwa, kamar dusar gero da dawa da ɓawon wake da zaren ganye, inda suke ruɓar da shi su fitar da wasu sinadarai masu tsami da bangon babban hanji ke rayuwa a kansu. Suna kuma cike gurbi, su cinye abincin da ƙwayar cuta za ta samu, ta yadda baƙuwar ƙwaya ba ta samun wurin zama cikin sauƙi. A 2010 an kwatanta yaran ƙauyen Bulfon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da yaran birnin Fulorans na Italiya, aka tarar cewa na ƙauyen sun fi yawan ire-iren ƙwayoyin hanji, sun kuma fi yawan waɗancan sinadarai masu amfani. Abincin nasu bai yi nisa da tuwon dawa da miyar kuka ko ɗanwake ba, abin da ya kamata manomin da ya koma kan farar shinkafa da taliya safe da dare ya lura da shi.

Idan antibayotik ya shiga hanji, yawan ire-iren ƙwayoyin yana faɗuwa cikin 'yan kwanaki. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an ba maza 12 masu lafiya a ƙasar Danmak haɗin antibayotik uku masu ƙarfi na kwana 4, aka ga hanjinsu ya kusa komawa yadda yake bayan wata ɗaya da rabi, amma wasu nau'o'i 9 da dukansu ke da su tun farko ba su sake bayyana ba a yawancinsu har bayan wata 6. Wannan ne dalilin da ya sa maganin da aka sha don tsayar da gudawa kan jawo wata gudawar, domin idan masu sarrafa abinci suka ragu, abin da bai narke ba yana tara ruwa a hanji. Yawanci tana tsayawa da kanta bayan an gama maganin, amma idan ta zo da zazzaɓi ko jini ko ciwon ciki mai tsanani, musamman ga tsoho ko wanda ya kwanta asibiti, tana iya zama alamar cewa wata muguwar ƙwaya ta mamaye gurbin da aka share, kuma wannan aikin likita ne.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 2 a Bunkure wanda ya wayi gari da zawo na ruwa, babu jini. Irin wannan zawo a ƙananan yara galibi bairas ne ke kawo shi, kuma antibayotik ba ya taɓa bairas, don haka filajil ba abin da zai yi sai ɓarnar ƙwayoyi masu amfani. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dama ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a ruwa mai tsafta daidai da awon da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya bayan kowane bayan gida, tare da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ba tare da an daina ba shi nono ko abinci ba. Idan idanunsa sun zurma, ko ya kasa sha, ko ya galabaita, ko zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, sai asibiti nan take. Jini a bayan gida ma yana buƙatar gwaji, domin atini na iya buƙatar antibayotik, amma a yankin noman rani jinin kan iya fitowa daga tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwan kanal, wadda tsutsa ce mai maganinta daban.

Wannan ba ya nufin antibayotik abin gudu ne. A gwajin da aka yi a jihar Doso ta Nijar, wanda aka wallafa a 2018, raba azitromaisin ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 sau biyu a shekara ya rage mace-mace da kusan kashi 18 cikin 100, ko da yake ƙwayoyin da suka daina jin irin maganin sun ƙaru a hanjin yaran.

Furobayotik kuwa ƙwayoyi ne masu rai da ake sha a kafso ko gari da nufin amfanar jiki, kuma a nan ne talla ta riga ilimi. Akwai shaida cewa wasu nau'o'i suna rage yiwuwar gudawar da antibayotik ke jawowa, amma amfanin nau'i ɗaya ba ya zama hujja ga wani. A 2018 manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada sun nuna furobayotik bai gaggauta warkewar yara masu amai da gudawa ba, kuma a shekarar wani ƙaramin bincike a Isra'ila ya gano cewa shan sa bayan antibayotik ya jinkirta dawowar ƙwayoyin mutum na asali. Ga kuma zafin Kano, wanda kan kashe ƙwayoyin tun suna kan kanta.

Kindirmo da nono suna ɗauke da bakteriya masu tsamar da madara, amma ba a auna nau'insu ko yawansu a ƙwarya, kuma nonon da ba a dafa madararsa ba, ko aka sirka da ruwan rafi, yana iya kawo cutar da ake gudu. Haka nan ba a haɗa nono da sifro ko ja da yalo a lokaci guda, saboda sinadarin kalsiyam yana riƙe maganin ya hana jiki tsotsarsa.

Har yanzu masana ba su yi ittifaƙi a kan jerin ƙwayoyin da za a kira na lafiyayyen hanji ba, kuma a cututtuka irin su ciwon sukari da ƙiba da damuwa, inda aka ga ƙwayoyin sun sauya, ba a tantance ko sauyin ne ya kawo cutar ko cutar ce ta kawo sauyin ba. Mafi yawan binciken an yi shi ne a kan mutanen Turai da Amurka da Sin, da kuma ɓeraye. Don haka mai tallar maganin wanke hanji a kasuwar Kura, na bature ne ko na gargajiya, yana alkawarta abin da babu gwajin da ya tabbatar.