Idan za ka ƙara kuɗin niƙa, ka faɗi dalili

Ranar 29 ga watan Mayu 2023, shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Cikin ƴan kwanaki kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu a can. Mallawa tana kusa da iyaka. A lokacin, man da ake sayarwa cikin kwalabe a ƙasar Magarya da Dungas yawancinsa daga Najeriya yake shigowa, saboda haka tsadar ta iso mu. Mai inji da ɗan kabu-kabu dole suka ƙara kuɗi. To, yaya ake sanar da jama'a ba tare da an ɓata ba?

Da farko ka yi lissafi. Ga misali. A ce injinka mai shan fetur ne, kuma litar mai ɗaya tana niƙa tiya 30. Dā lita dala 60 ce, yanzu ta koma dala 120. Ƙarin dala 60 ke nan. Raba dala 60 gida 30, kowace tiya ta ɗauki dala 2. Idan kana niƙa tiya a dala 10, sabon kuɗi dala 12 ne. Wanda ya ce dala 20 don mai ya ninka ya wuce gona da iri, domin mai kaɗai ya tashi cikin abin da yake kashewa.

Sannan ka sanar tun da saura mako guda. Yara ake aikowa niƙa da kuɗi ƙidayayye. Idan ka mai da yarinya gida don dala 2, tuwon dare zai makara, uwarta kuma ba za ta manta ba. Ka faɗa wa manyan gida da bakinka, ka rubuta a allo bakin ƙofa.

Ga yadda za ka ce: "Inna, a yi haƙuri. Daga ranar Juma'a tiya dala 12 ce. Mai ya tashi daga dala 60 zuwa 120. Idan ya sauka, ni ma zan sauke."

Haƙuri ɗaya ya isa. Mai yawan roƙon gafara da rantse-rantse kamar marar gaskiya yake. Sai a soma ciniki da shi, ya rage wa wannan, ya hana wa waccan. Kafin magariba labari ya kai bakin rijiya, ga rigima.

Kada kuma ka bar kuɗi yadda yake ka riƙa sakin gari da tsaki don tattalin mai. Mata sun san garinsu. Ba za su yi maka magana ba, sai dai ka ga ƙore suna raguwa a ƙofarka.

Ranar da mai ya sauka, cika alkawarinka. Wanda ya taɓa ragewa, idan ya sake ƙarawa za a yarda da shi.