Kafin Ku Buɗe Naman Gwangwani, Ku Juya Bayansa



Yawancinmu hoton gaban gwangwani muke kallo mu biya kuɗi, alhali gaskiyar abin da ke ciki tana baya, cikin ƙananan rubutu.

*Da me aka yi shi?*

Ku nemi inda aka rubuta Ingredients. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka nama ya kamata ya zo farko. In kun ga ruwa da sitaci suna biye da shi kusa-kusa, to an cika shi da gari ne.

A nan ake buƙatar lura da wanda ake kira Luncheon Meat, domin sunan bai faɗi dabbar ba. Akwai na kaza, akwai na shanu, akwai kuma na alade. In kun ga Pork, Ham, Bacon ko Lard, alade ne ko kitsensa, ku ajiye. A kayan Faransanci Porc ake rubutawa. Gelatin ma yakan fito daga alade, sai in an bayyana na shanu ne ko na kifi. Shi kuwa Corned Beef naman shanu ne, amma saura batun yanka. Ku duba tambarin halal mai ɗauke da sunan hukumar da ta tantance.

*Gishiri nawa?*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana. A gwangwani sau da yawa Sodium ake rubutawa, sai ku ninka shi sau biyu da rabi ku samu gishirin. A ce gwangwani mai giram 340 ya nuna miligiram 800 a kowane giram 100. Gishiri giram 2 ke nan, gwangwanin duka kusan giram 7. Wanda ya cinye rabi ya ci fiye da rabin kasonsa na yini, ba a ma zo kan miya ba. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya kiyaye.

*Kifin gwangwani fa?*

Nauyi biyu ake rubutawa. Net Weight ya haɗa da mai, Drained Weight shi ne kifin zalla. In gwangwani biyu duk giram 125 ne, wanda na biyunsa ya fi yawa shi ya fi kifi.

Daga ƙarshe, ku duba ranar ƙarewar wa'adi, a Najeriya kuma da lambar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotsa a bakin murfi, kada a ɗanɗana ko da kwanansa da saura. Gubar da ke iya taruwa a ciki tana shanye jiki, kuma ba lallai ta yi wari ba.

Allah Ya ciyar da mu halal mai tsarki, Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.