An ƙwace WhatsApp ɗin shugaba: yadda ake karɓo shi a rufe ƙofa

Tun da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mun iya tsaron akwatin asusu da kwaɗo. Yau kuma rabin maganar zubi da bashi a waya take wucewa, daga Magaria har Dungass, shi ya sa ɓarawo ya koma neman wayar shugaba ko ma'ajiya.

Ga yadda yake yi. Sai ya saka lambarki a WhatsApp na tasa wayar, lambobi 6 su zo miki ta saƙo. Daga nan ya kira ki, ya ce za a sa ki cikin rukunin tallafi, ki karanto masa su. Kina karantawa, ya shiga, ke kin fita. Tsofaffin hirarrakinki ba ya ganinsu, suna cikin wayarki, amma yana ganin rukunoninki da lambobin mambobi. Kafin la'asar ya rubuta wa kowa da sunanki: "Ina asibiti, a turo mini jika 20."

'Yar'uwa, kada ki fara da kuka, fara da kira. Ki buga wa magatakarda, murya da murya, ta sanar cewa kada kowa ya tura ko dala, kuma a cire lambarki daga rukunin ƙungiya na ɗan lokaci.

Sannan ki buɗe WhatsApp, ki sake rubuta lambarki. Ki duba farkonta: +227 na Nijar ne, +234 na Najeriya, tunda a nan bakin iyaka wasu da layin can suke aiki. Sababbin lambobi 6 za su zo. Da kin saka su, an kori ɓarawon. In saƙon ya ƙi zuwa, ki jira lokacin da allon ya nuna, ki zaɓi a kira ki. Yawan gwadawa ƙara jira yake yi.

Wani lokaci za a tambaye ki lambar sirrin da ba ke kika sa ba. Shi ya sa ta. Sai kin yi haƙurin kwana 7 kafin ki shiga, amma shi ma yana waje tun sa'ad da kika saka lambobin saƙo. In kuwa layin ne ya mutu, sai ofishin kamfanin waya da katin shaida, kuma wanda aka yi rajistar layin da sunansa, ko maigida ne, shi zai je.

Da kin koma, ki shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ki sa lambobinki 6 na sirri. Ban da shekarar haihuwa, ban da 123456. Wannan shi ne kwaɗo na biyu: ko an yaudare ki kin ba da lambobin saƙo, ba a shiga sai da shi. Ki kuma leƙa Appareils connectés, duk na'urar da ba ki sani ba ki fitar da ita.

Wurin mai caji ma, wayar da ba ta da makullin allo kowa na iya karanta saƙonta. Ki kulle ta, ko ki kashe ta kafin ki miƙa.