Abin da takardar sallama ke nufi da "rage gishiri" ga mai raunin zuciya

Idan aka sallami mai raunin zuciya daga asibiti, akan haɗa shi da takardar bayanin abinci. Takardar kan nuna nauyinsa a ranar sallama, da yawan gishirin da aka yarje masa, wani lokaci har da iyakar ruwan da zai sha.

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta yi rauni ba ta iya tura wannan ruwa, sai ya taru a ƙafafu da huhu.

Sau da yawa adadin da ake rubutawa bai wuce giram 5 na gishiri a rana ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Idan takardar ta ce sodiyam giram 2, adadin ɗaya ne.

Inda iyalai kan yi kuskure shi ne ɗaukar cewa gishirin da ake barbaɗawa kaɗai ake nufi. Lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da burodi, da kilishi, da yajin tsire. Kanwa ma sodiyam ce, don haka kunun kanwa yana cikin abin da za a ƙaurace wa.

A ɗauki misalin miyar mutum shida da aka sa wa ƙaramin cokalin gishiri da dunƙule huɗu masu giram 4 kowanne. Tukunyar na ɗauke da gishiri kusan giram 13, rabon kowa ya haura giram 2. Cin rana da na dare kaɗai sun kusa cinye adadin yinin, ba a ma lissafa karin kumallo ba.

Mafita ita ce a ɗebe wa majinyaci miyarsa kafin a sa gishiri da dunƙule, a gyara ta da albasa, tafarnuwa, citta ko lemon tsami. Kada a sayi gishirin kanti mai sinadarin fotasiyam sai da izinin likita, domin haɗuwarsa da wasu magungunan zuciya na iya dagula bugunta.

Nauyin da ke kan takardar shi ne ma'aunin gane ko tsarin yana aiki. Majinyaci zai hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin ya karya, ya rubuta. Wanda aka sallama da kilo 68, ya ga ya haura 70 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba.

Idan haka ta faru, ko ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya a kwance, a koma asibiti da takardar a hannu ba tare da jiran ranar ganin likita ba.