Folda Ta Goge Bisa Kuskure: Inda Take Zuwa da Yadda Ake Dawo da Ita

Idan aka zaɓi folda a kwamfuta mai Windows aka danna maɓallin Delete, folda ba ta gogewa nan take. Ana ɗauke ta ne daga inda take, a kai ta kwandon shara, wanda sunansa a kan allo yake Recycle Bin. Wannan kwando ya fara ne da Windows 95, kuma har yau shi ne wuri na farko da ake dubawa idan abu ya ɓace. Sai dai ba kowace irin gogewa ce take bi ta cikinsa ba. Sanin hanyar da aka bi wajen gogewa shi yake nuna inda za a nema, ya kuma nuna ko lamarin na gaggawa ne.

Kwandon folda ce ɓoyayyiya mai suna $Recycle.Bin, kuma kowane faifai na cikin kwamfuta yana da tasa. A cikinta kowane mai amfani da kwamfutar yana da ɓangarensa, shi ya sa abin da wani ya goge da asusunsa ba ya bayyana a kwandon wani. Idan aka jefa abu ciki, Windows yakan sauya masa suna zuwa wani da yake farawa da $R, sannan ya rubuta ɗan ƙaramin fayil da sunansa yake farawa da $I. A wannan ƙaramin fayil ake adana ainihin sunan abin da wurin da ya fito, da girmansa, da lokacin da aka goge shi. Abin da ke cikin foldar ba ya motsawa daga inda yake kwance a kan faifai, adireshinsa kawai aka sauya. Wannan ne dalilin da ya sa babbar folda take shiga kwando cikin ɗan lokaci, kuma shi ne dalilin da ya sa wurin ajiya ba ya ƙaruwa sai an zubar da kwandon.

Dawo da abu daga nan ba shi da wuya. Idan yanzu-yanzu aka yi kuskuren, danna Ctrl+Z a cikin File Explorer yakan mayar da foldar wurinta. Idan lokaci ya ɗan ja, sai a buɗe Recycle Bin, a jera abubuwan bisa Date Deleted domin na baya-bayan nan su hau sama, a duba Original Location a tabbatar cewa ita ce, sannan a danna ta da maɓallin dama na linzami a zaɓi Restore. Za ta koma ainihin inda ta fito da duk abin da ke cikinta. Akwai wani abu da yake ruɗar mutane da yawa a nan. Folda da aka goge gaba ɗaya tana bayyana a matsayin abu guda, ba a jera fayilolin cikinta ɗaya bayan ɗaya. Mai neman wata wasiƙa da sunanta zai duba kwandon kaf bai gan ta ba, ya yanke ƙauna, alhali tana nan cikin foldar da ta ɗauke ta. Sunan foldar ya kamata a nema.

Kwandon yana da iyaka. Kowane faifai yana da adadin wurin da aka ware masa, ana ganinsa idan aka danna kwandon da maɓallin dama aka zaɓi Properties. Idan ya cika, tsofaffin abubuwa ne suke fara fita domin sababbi su samu wuri. Idan kuma foldar ta fi ƙarfin kwandon, Windows yakan tambaya ko a goge ta dindindin, kuma mai gaggawa yakan amsa da Yes bai karanta ba. A Windows 10 da 11, idan aka kunna Storage Sense, yana iya share abin da ya wuce kwana 30 a kwando. Danna Shift tare da Delete yana tsallake kwandon gaba ɗaya, haka ma gogewa daga filashi ko katin ajiya, ko daga foldar da ake rabawa a kan sabar ofis. Wanda ya goge aiki daga filashi ya je kwandon kwamfutarsa nema, ba zai samu komai ba, domin tun farko bai shiga can ba.

Gogewa ta hanyar rubuta umarni ita ma tana tsallake kwandon, kuma dalilinta ya cancanci a tsaya a kai. Kwandon shara ba ya cikin ginin tsarin ajiyar fayiloli na NTFS. Hidima ce ta ɓangaren Windows da mutum yake gani yana dannawa, wato File Explorer da manhajojin da suke aron hanyarsa. Idan aka danna Delete a can, File Explorer ne da kansa yake sauya sunan, ya rubuta fayil ɗin $I, ya kai abin cikin $Recycle.Bin. Umarnin `del` da `rd` na Command Prompt, waɗanda sun girmi kwandon domin tun zamanin MS-DOS ake amfani da su, ba sa bi ta wannan hanya. Kai tsaye suke gaya wa tsarin ajiya ya cire abin. Haka `Remove-Item` na PowerShell yake yi, haka `rm` yake yi a Linux da macOS. Lamarin kamar ofishi ne mai magatakarda: takardar da aka miƙa masa a ce ya jefar, yakan ajiye ta a aljihun tebur ko za a dawo nema, amma wanda ya shiga ɗakin ajiya da kansa ya yage sunanta daga rajista bai bi ta wajensa ba. An bar umarnin a haka da gangan, domin masu kula da kwamfutoci suna amfani da su wajen share dubban fayiloli don samun wuri, kuma da abubuwan suna taruwa a kwando, da wurin bai samu ba.

Misali zai nuna yadda kuskuren yake faruwa. A ɗauka akwai folda biyu a cikin C:\Aiki, ɗaya sunanta Rasit, mai ɗauke da aikin bana, ɗayar kuma Rasit tsoho, wadda ake son kawarwa. Sai aka rubuta:

```
rd /s /q C:\Aiki\Rasit tsoho
```

Saboda akwai tazara a cikin sunan kuma ba a rufe shi da alamar zance ba, Command Prompt zai ɗauka suna biyu aka ba shi: C:\Aiki\Rasit, da wani abu mai suna tsoho. Zai goge Rasit, wato mai aikin bana, sannan ya yi ƙorafin bai ga na biyun ba. Alamar `/s` tana nufin a haɗa da duk abin da ke ciki, `/q` kuma tana hana shi tambaya kafin ya aikata. Rubutun da ya dace shi ne:

```
rd /s "C:\Aiki\Rasit tsoho"
```

Da aka cire `/q`, zai nuna sunan foldar ya jira amincewa. A PowerShell akwai abin da ya fi wannan: idan aka ƙara `-WhatIf` a ƙarshen `Remove-Item`, zai faɗi abin da zai goge ba tare da ya taɓa komai ba.

To, Rasit ta tafi, kuma ba ta cikin kwando. A nan ne Previous Versions yake shigowa. Tun da foldar ba ta nan, babu abin da za a danna a kanta, saboda haka uwarta ake nema, wato C:\Aiki. A danna ta da maɓallin dama, a zaɓi Properties, a shiga shafin Previous Versions. Idan akwai kwafi, za a ga jerinsu da kwanan wata da lokaci. A zaɓi na ƙarshe kafin lokacin gogewar, a danna Open. Taga za ta buɗe tana nuna Aiki yadda take a wancan lokaci, da Rasit a cikinta, sai a kwafe ta a manna inda ake so. Wannan ya fi danna Restore aminci nesa ba kusa ba, domin Restore yana mayar da fayilolin Aiki duka zuwa tsohon yanayinsu, ya danne gyaran da aka yi musu tun daga lokacin, kuma Windows da kansa yana gargaɗi cewa ba a iya warware wannan. Abin da aka ƙara a Rasit bayan an ɗauki kwafin ba zai dawo ba. Idan kwafin na ƙarfe 12 na rana ne, aka yi gogewar da la'asar, aikin da ke tsakani sai an sake shi.

Sau da yawa shafin yakan fito wayam da saƙon There are no previous versions available. Wannan yana nufin ba a taɓa ɗaukar kwafin wurin ba, domin shafin ba ya ƙirƙirar komai, abin da aka riga aka ajiye yake nunawa. Ɗaya daga cikin majiyoyinsa ita ce File History, wadda ta zo da Windows 8 a 2012. Ba ta zuwa a kunne, tana buƙatar faifai na waje ko wuri a kan sabar ofis, kuma idan an kunna ta takan ɗauki kwafi kowace awa. Ta fi kula da foldojin mai amfani irin su Documents, Pictures da Desktop, saboda haka folda kamar C:\Aiki sai an shigar da ita tukuna. Ɗaya majiyar ita ce hoton faifai da Volume Shadow Copy yake ɗauka. A sabar ofis mai Windows Server, idan mai kula da ita ya kunna wannan, tsarin farko shi ne ɗaukar hoto sau biyu a ranakun aiki, ƙarfe 7 na safe da 12 na rana, kuma ana riƙe har 64 kafin tsofaffi su fara faɗuwa. Don haka ma'aikacin da ya goge folda a sabar ofis bai kamata ya bari kwanaki su wuce kafin ya duba ba. Idan kuma foldar tana cikin waɗanda OneDrive yake daidaitawa, akwai wani kwando dabam a shafinsa na intanet, yana riƙe abu kwana 30 ga asusun mutum, ko da da umarni aka goge shi a kwamfuta.

Idan duk waɗannan ba su ba da komai ba, abin da ya rage shi ne abin da ke kwance a kan faifan. Gogewar dindindin tana sa NTFS ya yi wa wurin alamar cewa babu kowa, amma bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Saboda haka a daina saukar da abubuwa ko girka manhaja a kan wannan faifai. Microsoft yana da manhaja kyauta mai suna Windows File Recovery, wadda ta fito a 2020, ana amfani da ita haka:

```
winfr C: E: /regular /n \Aiki\Rasit\
```

C: shi ne inda abin ya ɓace, E: kuma wani faifai ne dabam da za a zuba abin da aka samo, domin manhajar ba ta yarda su zama ɗaya. A tsohon faifai mai juyawa ana yawan dacewa idan aka yi hanzari. A faifan SSD, wanda yawancin sababbin kwamfutoci suke zuwa da shi, Windows yana aika umarnin TRIM jim kaɗan bayan gogewa, faifan ya share wuraren da kansa, kuma bayan haka da wuya wata manhaja ta dawo da abin da ke ciki.