Daƙiƙa uku na farko: fara da kifin, ba da sallama ba

Ka ɗauki bidiyon masunci a bakin ruwan Yauri, ka ɗora a TikTok, amma ba a kalla ba? Duba farkonsa. In ka buɗe da "barkanku da warhaka" kana nuna faɗin tafkin Kainji, kafin ka gama an wuce ka. A tsayayyen allon waya ruwa da sama kawai ake gani, kwalekwalen kamar ƙwayar gero.

Matso kusa. Fara da lokacin da giwan ruwa ke fizge-fizge cikin koma, hannun masuncin na rawa. Rubuta a sama: "Nawa za ka saya?" Wasu ba sa buɗe sauti, rubutun ne zai riƙe su. In akwai waƙa, yanko daga amshi, ba shimfiɗar kiɗa ba.

Sallamar fa? Yi ta bayan an ga kifin.